In diskinka yana aiki a wata kwamfuta amma ya ƙi a taka

'Yan uwa, kafin ku yanke cewa diskin ajiya ya lalace, ku duba wuta tukuna. Ƙaramin diskin nan mai inci 2.5 ba shi da caja, daga ramin USB yake shan wuta. Da miliamfa ake auna yawan wutar: ramin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, na USB 3.0 kuwa 900, alhali lokacin da faifan ciki zai fara juyawa yakan nemi fiye da 500 ɗin. Shi ya sa za ka ga fitilarsa ta kama, kana jin ƙas-ƙas a hankali, amma bai fito a kwamfuta ba, ko ya ɓace ana tsakiyar kwafi.

Fara da sauya rami. In kwamfutar tebur ce, soka a baya, na gaba sukan fi rauni. In laftof ce, jona ta da caja, ka gwada gajeriyar waya. In ya ƙi, nemi mahaɗar USB, wato 'yar na'urar nan mai ramukan USB da yawa, mai adaftarta da ake sokawa a bango. Wadda ba ta da adafta raba 'yar wutar ramin kawai take yi, abin ya ƙara muni.

Don Allah kada ka yi ta soka shi yana yankewa, haka fayiloli ke lalacewa. In an ba shi isasshiyar wuta ƙarar ba ta daina ba, kwashe bayananka tun yana buɗewa.