Shawara: gane karfin iska da ido

'Yan uwa, ma'aunin karfin iska na Bofot, wanda Francis Beaufort ya tsara a 1805, yana da matakai daga 0 zuwa 12, amma wadanda za ku fi bukata kullum su ne 0 zuwa 6.

Ku fara da hayaki. Idan ya mike sama sak, mataki 0 ke nan. Idan ya dan karkata amma fuska ba ta jin komai, mataki 1. Da zarar kun ji iska a fuska, ganye na motsi kadan, an shiga 2. A mataki 3 ganye da kananan tsinke ba sa tsayawa. Mataki 4 shi ne wanda na fi so ku rike: kura da takarda suna tashi, kananan rassa na kadawa, gudun iska kilomita 20 zuwa 28 a awa.

Misali, kana bakin babban tafki, ka ga fararen kumfa jefi-jefi a kan igiyar ruwa, wannan 3 ne. Idan kumfar ta yawaita kuma kananan bishiyoyi masu ganye suna rangaji gaba daya, ka kai 5. Mai karamin kwalekwale ya hakura da shiga ruwa. A 6 manyan rassa ke motsi, wayoyin lantarki na fito.

Inda ake kuskure shi ne auna da bugu daya na iska. Ku tsaya a fili, nesa da gini, ku lura na kusan minti 10. Kuma ruwan da ke gefen da iska ke fitowa yakan kwanta lumui ko da iska na da karfi, don haka ku dubi can tsakiya.