Yadda Ake Gwada Fassarar Takardar Amincewa Ta Hanyar Mayar Da Ita Turanci

A ce an ba ka takardar amincewa ta wani bincike kan zazzaɓin cizon sauro, wadda iyaye za su sa wa hannu kafin a ɗebi jinin 'ya'yansu. Da Turanci aka rubuta ta, wani ya fassara ta Hausa. Ta yaya za ka san Hausar ba ta kauce ba? Hanyar da aka fi bi ita ce a ba wani mutum daban Hausar ya mayar da ita Turanci, sannan a jera Turancin biyu a gani. Masanin halayyar ɗan Adam Richard Brislin ya yi fitaccen bayani a kanta a 1970, kuma kwamitocin ɗa'ar bincike da yawa kan nemi ganin wannan kafin su ba da izini.

Da farko samo mai fassara na biyu wanda bai taɓa ganin takardar asali ba. Kada ka ba shi ita, kada ka yi masa bayanin aikin, kada ya zauna da mai fassarar farko. Da zarar ya san abin da ake nufi, zai riƙa rubuta abin da ya kamata a ce, ba abin da Hausar ta ce ba.

Sannan ka gaya masa ba kwalliya kake so ba. Inda jimla ta yi gurgunta, ya bar ta da gurguntarta. Inda kalma take ɗaukar ma'ana biyu, ya rubuta duka biyun. Gwanaye sun fi faɗawa wannan tarko, don hannunsu ya saba gyara.

Kafin ka miƙa, sa wa kowace jimla lamba. In aikin ya dawo, ja layi uku: asali, Hausa, da Turancin da ya dawo. Kada ka ɓata lokaci kan bambancin kalmomi masu ma'ana ɗaya. Idonka ya tsaya kan adadi, kan "dole" da "ganin dama", kan "zai" da "zai iya", da duk wata "ba" ta korewa.

Ga abin da irin wannan takarda kan fitar. Asalin ya ce shiga binciken ba tilas ba ne. Mai fassara ya rubuta "aikin sa kai ne". Da ya dawo Turanci sai ya zama aikin taimako da ba a biya, maganar 'yancin ƙi ta ɓace gaba ɗaya. Gyaran shi ne: "Shiga ganin damarki ne. In kin ƙi, za a duba ɗanki kamar kowa." A wata jimlar asalin ya ce mililita 5 na jini, Hausar ta ce "ɗan jini kaɗan". Lambar ta faɗi a hanya. Sai a mayar da ita, a ƙara da "kimanin ƙaramin cokali ɗaya". Inda aka ce za a raba yara rukuni biyu ba tare da wani ya zaɓa ba, an rubuta "ta hanyar ƙuri'a", Turancin kuwa ya dawo da jefa ƙuri'ar zaɓe.

Amma kada ka yi saurin ɗora wa mai fassarar farko laifi. Wani lokaci na biyun ne ya zame, wani lokaci kuma Turancin asali ne mai harshen damo. Yanzu ne za ka haɗa su biyun da wanda ya san binciken, a bi saɓanin ɗaya bayan ɗaya, a rubuta abin da aka yanke da dalilinsa. Jimlolin da aka sauya sai a sake ba wani sabon ido.

Akwai abin da wannan gwaji ba ya gani. Fassarar kalma da kalma, wadda ba Bahaushen da zai gane ta, ita ce take komawa Turanci sumul, har ka ɗauka an yi aiki. Dubi "bincike". Ɗan boko zai mayar da ita daidai, a wuce. Uwar da ta kawo ɗanta asibiti kuwa za ta ji ne cewa za a binciki abin da ke damun yaron a ba shi magani. Ba ta san nazari ake yi don neman ilimi ba, alhali shi ne abin da ake neman amincewarta a kai.

Don haka mataki na ƙarshe a baki ake yinsa. Nemo iyaye biyar ko shida irin waɗanda za a karanta wa takardar, a karanta musu da ƙarfi. Kada ka tambaya "Kin gane?", don kunya za ta sa a ce e. Ka ce: "Baba, in maƙwabciyarki ta tambaye ki me za a yi wa yaron, me za ki ce mata? In kin fasa a tsakiya, me zai faru?" In biyu daga cikinsu suka yi tuntuɓe a jimla ɗaya, a sake rubuta jimlar, ko da Turancinta ya dawo babu ko ɗigon kuskure.