Yadda za ka tsara takardar gwaji kafin ka buɗe shagonka na intanet

Idan mai haɗa maka shafi ya ce "an gama, komai na aiki", abin da yake nufi galibi shi ne ya gwada a kwamfutarsa, da sabis mai ƙarfi, ya sayi abu ɗaya ya ga ya wuce. Mai sayenka kuwa yana Mabera ko Illela da ƙaramar waya, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Takardar gwaji ita ce ke cike wannan giɓin. A cikinta ake rubuta abin da za a gwada, wanda zai gwada, sakamakon da ake sa ran gani, da irin matsalar da za ta sa a ɗage ranar buɗewa. Shafi biyu ko uku sun ishi ƙaramin shago.

Bari mu ɗauki misalin mai sayar da takalma da jakunkunan fata a Sakkwato, wanda zai riƙa karɓar kuɗi ta Paystack, kamfanin da ke karɓar wa shaguna kuɗi ta intanet. Farashin da ke ƙasa duk na misali ne.

Mataki na farko: ka shata iyaka

Ka rubuta hanyar da mai saye zai bi tun daga farko: neman kaya, zaɓen lambar takalmi, sakawa a kwando, rubuta adireshi, biyan kuɗi, samun saƙon tabbaci. Ka ƙara da abin da kai mai shago za ka gani, wato shigowar oda da raguwar adadin kaya. Sannan ka rubuta abin da ba za a gwada ba yanzu, kamar aika kaya ƙasar waje ko rangwamen Sallah. Wannan layin ne zai raba gardama ranar da wani ya ce ai ya ɗauka an duba.

Mataki na biyu: wa zai gwada, da wace waya

Kada wanda ya haɗa shafin ya zama shi kaɗai ne mai gwaji, domin hannunsa ya saba da hanyar da ke aiki. Ka samu mutum biyu ko uku, a cikinsu har da wanda bai taɓa saye ta intanet ba. A sa tsohuwar wayar Andiroid a ciki, a yi amfani da datar waya ta layuka biyu daban, misali MTN da Airtel. Ka rubuta sunan kowa da ranar da zai yi nasa.

Mataki na uku: rubuta gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya

A nan aikin yake. Kowane gwaji yana da lamba, da abin da za a yi, da sakamakon da ake jira, da gurbin rubuta abin da ya faru. Sakamakon da ake jira kuma dole a rubuta shi kafin a taɓa waya. In ba haka ba, duk abin da allo ya nuna sai ido ya karɓe shi a matsayin daidai.

Ga gwaji na 7 a takardar mai takalma. A sa takalmi biyu na ₦12,000 kowanne, da jaka ɗaya ta ₦18,500. A zaɓi kaiwa Arkilla, inda ɗan kabu-kabu ke karɓar ₦1,500. Lissafin da aka yi da biro ya ce kaya ₦42,500, jimilla ₦44,000. Dole wannan adadin ya fito iri ɗaya a wuri huɗu: kwando, shafin biya, saƙon da mai saye ya samu, da allon mai shago. Idan takalmin ya kasance guda biyar a ajiye, ya koma uku.

A lura da wani tarko. Paystack da kwabo yake karɓar adadin kuɗi daga shafinka, don haka ₦44,000 zai tafi a matsayin `4400000`. Idan mai haɗa shafi ya manta bai ninka da ɗari ba, shafin biya zai nuna ₦440, kuma mai saye ba lallai ne ya faɗa maka ba.

Ba sai ka kashe kuɗinka ba a wannan matakin. A yanayin gwaji na Paystack, wato `Test Mode`, akwai katin gwaji mai lamba `4084 0840 8408 4081`, lambar bayansa `408`, da kowace ranar ƙarewa da ba ta zo ba tukuna.

Bayan hanyar da ta tafi lafiya, sai a koma ga wadda ta karkace, kuma a ganina rabin takardar ya kamata ta tafi nan. Gwajin da ya fi kowanne daraja shi ne wannan: a biya kuɗi, da zarar an ga biyan ya wuce sai a kashe data kafin wayar ta komo shafin shago. Abin da ake jira shi ne odar ta bayyana a allon mai shago a matsayin wadda aka biya, duk da wayar ba ta komo ba. Hakan na faruwa ne idan an saita `Webhook URL`, wato adireshin da ta nan Paystack ke aika saƙon `charge.success` kai tsaye zuwa shafinka. Idan ka ga kuɗin a allon Paystack amma odar na nan tana jiran biya, to shafinka da wayar mai saye kawai ya dogara. Ranar kasuwa wannan shi ne mutumin da zai kira ka rai a ɓace, an cire masa kuɗi, kai kuma ba ka ga oda ba.

Sauran na wannan sahun ba su da wuya. A danna maɓallin biya sau biyu da sauri, a ga ko oda biyu za ta fito. A bar jaka ɗaya tak a ajiye, mutum biyu su neme ta lokaci guda. Ɗaya kaɗai ya kamata ya samu. A rubuta suna kamar Sa'adatu ko Ɗanjuma, a duba ko ƙugiya da waƙafin sama sun fito daidai a rasit. A sa lambar waya da `0803` a farko, a sake sa ta da `+234`. Adireshi ma a gwada irin namu, "bayan masallacin Juma'a, gida mai jar ƙofa", domin fom ɗin da ya nace sai an ba shi lambar gida zai kori rabin unguwa.

Mataki na huɗu: ka yanke hukunci tun kafin a fara

Ka raba matsaloli gida uku. Na farko masu hana buɗewa: duk abin da ya taɓa kuɗi, ko ya ɓatar da oda, ko ya nuna wa wani adireshin wani. Na biyu waɗanda za a iya buɗewa da su a gyara cikin mako, kamar saƙon imel da ke jinkiri. Na uku na kwalliya ne, hoto ya karkace ko kuskuren rubutu. Ka rubuta ƙarara cewa ba za a buɗe ba muddin akwai ko ɗaya daga rukunin farko, ka sa hannu, mai haɗa shafi ma ya sa. Dalilin yin haka da wuri shi ne, idan ka riga ka sanar da ranar buɗewa a WhatsApp, kowace matsala za ta fara yi maka kama da ƙarama.

Duk abin da aka gyara a sake gwada shi, tare da gwaji na 7, saboda gyaran kuɗin kai kaya kan iya ɓata jimilla.

Mataki na biyar: ranar buɗewa

A canza makullan gwaji, wato lambobin da ke haɗa shafinka da Paystack, masu farawa da `pk_test_` da `sk_test_` zuwa na gaske, `pk_live_` da `sk_live_`. A sa `Webhook URL` a ɓangaren gaske ma, domin gurbinsa daban yake da na gwaji, kuma nan ake yawan mantuwa. Daga nan ka sayi abu mafi araha a shagon da katinka na banki, ka maimaita da taransifa, ka sake gwajin kashe data. Sai ka ga odar ta shigo kuma adadin kaya ya ragu, sannan ka tura wa jama'a adireshin shagon.