Yadda za ki ƙiyasta abincin ma'aikatan masana'anta a kullum

Da farko, ki riƙa rubuta kwanon da aka sayar kowace rana, ba wanda aka dafa ba, har tsawon mako 4. Sannan ki kwatanta Litinin da Litinin, Juma'a da Juma'a, domin ranar Juma'a wasu daga masallaci gida suke wucewa. Misali, in Litinin 4 sun ba ki 118, 125, 120 da 117, matsakaicinsu 120 ne. Ƙara kwano 6 saboda baƙi, ki dafa na 126.

Kafin ki ɗora tukunya, tambayi mai rajistar ma'aikata mutum nawa suka shigo. Miya ce abin tsoro, don zafin Sakkwato na Afrilu ba ya barin ta kwana. In azumi ya kama, buɗe sabon lissafi.