Yadda ake auna riba da kashin kuɗi kafin a zaɓi aikin gwamnati

Mafi yawan masu koyon wannan lissafi ba a wajen tattara alƙaluma suke faɗuwa ba. Suna jera kuɗin da za a kashe da amfanin da za a samu tsaf, sai su tara amfanin shekara ta 1 da na shekara ta 15 wuri guda, kamar darajarsu ɗaya. Daga nan lissafi ya karkace, duk aikin da ya fi daɗewa shi zai yi nasara ko bai cancanta ba.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Hukuma tana da miliyan 100, ko da wane irin kuɗi ake lissafi, kuma aiki ɗaya za ta iya yi cikin biyu. Na farko gyaran hanya: a kashe miliyan 100 yanzu, a riƙa samun amfanin miliyan 30 duk shekara har shekara 5, sannan hanyar ta koma yadda take. Na biyu madatsar ruwa: a kashe miliyan 100 yanzu, shekara 5 ba a ga komai ba, daga shekara ta 6 zuwa ta 15 a riƙa samun miliyan 25 duk shekara.

Matakin farko, rubuta abin da zai faru idan ba a yi aikin ba sam. Amfanin aiki shi ne bambancin da ke tsakanin yinsa da barinsa. Idan motoci suna bin hanyar tun kafin gyara, ba duk zirga-zirgar ce amfaninka ba, sai lokacin da aka rage wa matafiya, da man da aka daina ƙonawa, da haɗurran da suka ragu.

Na biyu, zana jadawali, kowace shekara da layinta, ka fara daga shekara ta 0, wato yau. A kowane layi cire kuɗin kula da aikin daga amfanin shekarar. Alƙaluman misalinmu an riga an cire musu. Abu biyu ba na yarda su shiga gefen amfani. Albashin ma'aikatan gini kashin kuɗi ne, ko da ana alfahari da cewa an samar da aikin yi. Sannan idan ka lissafa lokacin da hanya ta rage, kada ka sake lissafa tashin darajar filayen da ke gefenta, domin saboda ragin lokacin ne filayen suka yi daraja. Abu ɗaya ne ka ƙirga sau biyu.

Yanzu wurin da ake tuntuɓe, wato mayar da kuɗin gaba zuwa darajarsu ta yau. Idan aka ce ka zaɓa tsakanin miliyan 100 yau da miliyan 100 baɗi, na yau za ka karɓa, ko da farashin kaya ba zai motsa ba. Kuɗin da ke hannu ana iya zuba su a wani aikin da zai haifar da ƙari kafin baɗi, kuma jama'a sun fi son amfanin da za su gani da wuri. A ce wancan aikin yana ba da kashi 10 cikin 100 a shekara. Miliyan 100 na yau za su zama 110 baɗi. Juya maganar: 110 na baɗi daidai suke da 100 na yau. To 100 na baɗi fa? Raba su da 1.10, ka samu kusan 90.9. Na shekara biyu masu zuwa, raba sau biyu, ka samu 82.6. Ƙa'idar ke nan:

```
darajar yau = kuɗin shekarar / (1 + r)^t
```

A nan r shi ne kason zaftarewa, 0.10 a misalinmu, t kuma yawan shekarun da za a jira.

Gwada a kan hanya. Miliyan 30 na shekara ta 1 sun koma 27.3, na ta 2 sun koma 24.8, sai 22.5, sai 20.5, na ta 5 kuma 18.6. Jimilla 113.7. Cire miliyan 100 da aka kashe, rarar ta zama 13.7. Madatsa kuwa, miliyan 25 ɗinta na farko sai a shekara ta 6 suke zuwa, darajarsu ta yau 14.1, na shekara ta 15 kuma ba su wuce 6 ba. Idan ka tara duka goman za ka samu 95.4, wato ba ta ma mayar da kuɗinta ba, akwai giɓin 4.6. Wanda ya tara ba tare da zaftarewa ba zai ga madatsa 250, hanya 150, ya ce ai magana ta ƙare.

Ba sai ka sayi wata manhaja mai tsada ba, Excel ya isa. Amma akwai tarko a cikinsa: NPV, umarninsa na lissafin darajar yau, yana ɗaukar adadin farko da ka ba shi a matsayin na ƙarshen shekara ta 1. Don haka kuɗin shekara ta 0 a wajen baka ake barinsu, a gidan C2, da alamar ragi, a haɗa daga baya. Shekara ta 1 zuwa ta 15 suna C3 zuwa C17, kuma shekarar da babu komai a rubuta mata 0, domin NPV yana tsallake gidan da aka bari fanko:

```
=NPV(0.10, C3:C17) + C2
```

Idan ka ga rararka ta fito 12.5 maimakon 13.7 a misalin hanya, to ka cusa shekara ta 0 a cikin baka.

Kada ka haɗa zaftarewa da hauhawar farashi, ba abu ɗaya ba ne. Ni dai ƙa'idata a rubuta komai da farashin bana, sannan a yi amfani da kason da aka cire wa hauhawa. Wanda ya rubuta amfani da farashin bana amma ya ɗauko ruwan bashin banki ya zaftare da shi, ya hukunta aikin sau biyu, domin wannan ruwan yana ɗauke da hauhawa a cikinsa. Alamar wannan kuskure ita ce ka ga duk aikin da ya haura shekara 10 yana faɗuwa, komai kyansa.

Wane kaso za a zaɓa? Kada ka ƙirƙiro naka, nemi wanda hukuma ko mai ba da kuɗin ya tsayar. Baitulmalin Birtaniya yana amfani da kashi 3.5 a shekara 30 na farko, manyan bankunan raya ƙasashe kuma a baya sun yi shekaru suna aiki da kashi 10 zuwa 12. Tazarar ba wasa ba ce. Sake lissafin misalinmu da kashi 3.5: rarar hanya ta zama 35.5, ta madatsa kusan 75. Aikin da ya faɗi ɗazu shi ne a gaba yanzu, alhali ba a taɓa ko bulo ɗaya ba. Shi ya sa nake cewa kada ka miƙa rahoto da kaso ɗaya. Gwada uku, ka nemo inda ayyukan suke yin kunnen doki. A nan wurin yana tsakanin kashi 7 da 8, kuma wannan adadin shi masu yanke shawara suka fi buƙatar gani.

Saura abubuwan dubawa kafin ka rufe. Hanya shekara 5 take yi, madatsa 15. Idan za a iya maimaita gyaran hanyar sau uku a kan kuɗi da amfani iri ɗaya, rararta a kashi 3.5 tana kai wa kusan miliyan 90, ta sake wuce madatsa, don haka daidaita tsawon lokacin tukuna. Ƙara kashi 20 a kan kuɗin gini ka ga ko aikin zai tsaya, tunda ƙiyasin gini ya saba yin ƙasa da gaskiya. Abin da ba ka iya sa masa kuɗi ba, kamar mutanen da madatsa za ta tasa daga gidajensu, da su wane ne za su ci amfanin da su wane ne za su ɗauki nauyin, rubuta shi a shafi ɗaya da alƙaluman, kada ka tura shi ƙarshen rahoto.