Shawara Kan Kwafar Tsofaffin Rajistoci

Jama'a, duk mai shirya wa 'yan sa kai wasiƙar ƙa'idojin kwafe tsofaffin rajistoci, ya fara da wannan: a rubuta abin da ke kan takarda, ba abin da ake zaton magatakarda ya so rubutawa ba. Idan ya sa Mamman a shafi ɗaya, Mamuda a wani, kar a daidaita su. Wataƙila mutum biyu ne, gyaran sai ya haɗe su.

Inda tawada ta dushe, a sa `[?]` bayan kalmar da ake shakka. Idan ba ta karantuwa sam, a rubuta `[ba a karantawa]`, kar a bar gurbi, domin mai bincike zai ɗauka asalin wurin fanko ne.

Kwanan wata ya fi cin mutane. An ga 3/4/21, sai wani ya mai da shi 3 ga Afrilu 1921, alhali wani magatakardan wata yake fara sawa. A kwafe shi yadda yake. A nemi kwanan watan da lambarsa ta farko ko ta biyu ta wuce 12, kamar 25/4/21, shi zai nuna tsarin. Fassarar kuma ta tafi gurbin bayani.