Darasi na Bakwai: Rubuta Tsakuren Fosta a kan Adadi Ɗaya da Matsaya Ɗaya

Ma'aikatan ƙananan asibitoci, malaman gona da malaman yaƙi da jahilci suna tara alƙaluma kullum a rajistarsu. Idan aka kira taron ƙara wa juna sani, a Gidan Arewa ne ko a Jami'ar Jihar Kaduna ko a Zariya, akan nemi mai son nuna aikinsa ya fara aiko da tsakure, wato taƙaitaccen bayanin abin da ya yi da abin da ya gano. Yawancin taruka suna ƙayyade shi tsakanin kalmomi 250 zuwa 300. Kwamiti ne ke karantawa. In ya karɓa, sai a ba ku wuri ku liƙa babbar takarda, wadda ake kira fosta, ku tsaya kusa da ita kuna amsa tambayoyin masu wucewa.

Mai karanta fosta a tsaye yake, ga hayaniya, ga wasu fostoci da dama suna jiransa. Ba zai riƙe adadi goma ba, amma zai riƙe ɗaya. Shi ya sa za mu gina komai a kan adadi guda da magana guda wadda adadin ya isa ya ɗauka.

Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Alƙaluman da ke cikinsa na koyo ne, mun tsara su don lissafi ya yi sauƙi, kada a ɗauke su a matsayin na wani asibiti.

A ce kina aikin riga-kafi a wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada. Allurar Penta, wadda ke kare yaro daga cututtuka biyar, sau uku ake yi wa jariri: yana da mako 6, mako 10 da mako 14. Kin lura iyaye suna kawo yara a yi ta farko, amma ba duka ke dawowa ta uku ba. Bana sai kuka fara karɓar lambar wayar uwa ko ta maigida a ranar allurar farko, kuna bugawa kwana biyu kafin ranar dawowa. Yanzu kina son ki gaya wa taro ko hakan ya yi amfani.

Zaɓen adadin

Rajistarki cike take da lambobi: yaran da aka yi wa awo, maza nawa mata nawa, masu zuwa daga kowace unguwa, kwalabe nawa aka buɗe. Duk gaskiya ne, amma ba su ne amsar tambayarki ba. Rubuta tambayar a jimla ɗaya tukuna: shin kiran waya ya rage yawan yaran da ba sa kammala Penta? Adadin da ke amsa wannan kai tsaye shi ne babban adadinki. Sauran su jira.

A aikin riga-kafi akwai sanannen ma'auni na yaran da suka fara ba su ƙarasa ba, kuma ga yadda ake fitar da shi:

```
(Penta 1 − Penta 3) ÷ Penta 1 × 100
```

Bara, daga Janairu zuwa Yuni, yara 240 suka karɓi ta farko, 180 daga cikinsu suka kai ta uku. An rasa 60. Raba 60 da 240, ki ninka da 100, ya ba ki kashi 25 cikin 100. Bana, a waɗannan watanni dai, yara 200 suka fara, 176 suka ƙarasa. An rasa 24, wato kashi 12 cikin 100. To babban adadinki ke nan: daga kashi 25 zuwa kashi 12. Lambobi biyu ne a ido, amma kwatanci ɗaya ne, kuma haka mai karatu zai riƙe shi.

Kada kashi ya fita shi kaɗai. Duk inda kika rubuta kashi 12, ki sa "24 cikin 200" kusa da shi. Yara 3 cikin 25 ma kashi 12 ne, amma a can yaro ɗaya in ya ƙaru sai ya koma kashi 16. Wanda ya san aiki, abin da zai fara nema ke nan, kuma in bai gani ba zai yi zaton ɓoyewa aka yi.

Inda ƙidaya ke karkacewa

Nan ne ya fi buƙatar natsuwa, domin kuskuren da aka yi a rajista, gyaran jimla ba ya kawar da shi. Yaron da ya karɓi Penta 1 a ƙarshen Yuni, ta ukunsa ba za ta zo ba sai bayan mako takwas, wajen ƙarshen Agusta. In kika rufe ƙidaya ranar 30 ga Yuni, za ki sa shi cikin waɗanda suka ɓace alhali lokacinsa ne bai yi ba. Haka kuma waɗanda suka zo ta uku a Janairu, yaran Nuwamba ne da ba su cikin rukuninki. Maganin shi ne a bi yaro da lambarsa ta rajista, layi bayan layi, a kuma ba kowane rukuni wa'adi iri ɗaya, a ce har ƙarshen Satumba. Alamar da za ta nuna miki an cakuɗa rukuni ita ce ki ga wani wata masu Penta 3 sun fi masu Penta 1 yawa.

Dalilin da ya sa muka ɗauki Janairu zuwa Yuni a shekarun biyu shi ne yanayi. Da za ki kwatanta watannin rani da na tsakiyar damina, lokacin da ruwan Agusta ke hana mata fita da jarirai kuma wasu iyalai ke komawa ƙauye noma, ba wanda zai san ko waya ce ta yi aiki ko hanya ce ta bushe.

Sai kuma faɗin ragin. Daga 25 zuwa 12 bambancin maki 13 ne. Wasu sukan rubuta "ya ragu da kashi 13 cikin 100", wanda kuma wata ma'ana ce daban, domin 13 ya ɗan haura rabin 25. Mafi aminci ki faɗi lambobin biyu yadda suke, ki bar mai karatu ya gani da idonsa. In kina son ki ƙara haske, ki ce: da a ce abin ya tsaya yadda yake bara, yara 50 za a rasa cikin 200, sai ga shi 24 aka rasa.

Matsayar

Matsaya jimla ɗaya ce ko biyu, kuma ba ta wuce iyakar abin da aka ƙirga. Tuwo daidai miya ake yinsa. Asibiti ɗaya kika duba, saboda haka ba za ki ce "kiran waya zai magance matsalar riga-kafi a Jihar Kaduna" ba. Ba za ki ce "ya tabbata waya ce ta jawo" ba, tunda bara da bana kawai kika kwatanta, kuma wasu abubuwa na iya canzawa a tsakani: ko bara allura ta yanke na wasu makonni, ko bana an ƙaro ma'aikaciya layi ya ragu. Akwai kuma yaran da suka ƙarasa allurarsu a wani asibiti a Rigasa ko Kawo, waɗanda rajistarki ta ɗauka sun ɓace. In kin san ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, ki faɗa a layi ɗaya. Kwamiti ya fi yarda da wanda ya nuna iyakar aikinsa da kansa.

Wani abu da bai kamata a rufe ba: a aikin riga-kafi, in yaran da ba su ƙarasa ba suka haura kashi 10, ana ɗaukar cewa akwai matsala. Kashi 12 bai sauka ƙasa da wannan ba. An samu ci gaba, amma da saura, kuma matsayarki ta faɗi duka biyun.

Ku guji rufewa da "akwai buƙatar ƙarin bincike" ko "ya kamata gwamnati ta ƙara ƙoƙari". Waɗannan za su zauna a ƙarshen kowane tsakure, don haka ba su gaya wa kowa komai. Ga yadda namu zai fito:

Take: Kiran waya da kammala allurar Penta a wani ƙaramin asibiti a Kaduna: waɗanda ba su ƙarasa ba sun ragu daga kashi 25 zuwa kashi 12.

Dalili: Yara da yawa suna karɓar Penta 1 ba su dawo Penta 3 ba. Mun duba ko tunatar da iyaye ta waya zai rage hakan.

Hanya: Mun bi rajistar riga-kafi, muka kwatanta yaran da suka karɓi Penta 1 daga Janairu zuwa Yuni na bara, kafin a fara kira, da na waɗannan watanni a bana, bayan an fara. An bi kowane yaro har ƙarshen Satumba. Ana kiran iyaye kwana biyu kafin ranar dawowa.

Sakamako: Bara yara 60 cikin 240, kashi 25, ba su kai Penta 3 ba. Bana 24 cikin 200 ne, kashi 12.

Matsaya: A wannan asibiti, yaran da ba sa kammala Penta sun ragu da fiye da rabi bayan fara kiran waya, ko da yake har yanzu sun haura kashi 10. Asibiti ɗaya ne, kuma ba mu ƙirga waɗanda suka ƙarasa a wani wuri ba. Muna ba da shawarar a gwada wannan hanya a asibitoci maƙwabta.

Ku lura adadin ya fito tun a take. A wurin aikawa sai ku sa shekarun da lambobinsu a madadin "bara" da "bana". Galibin taruka da Turanci suke karɓa, to ku tsara tunaninku da Hausa haka, sannan in an juya shi ku bi lambobin ɗaya bayan ɗaya da rajista a gabanku, domin wajen sake bugawa ne 240 ke zama 204.

Daga tsakure zuwa bango

Ku duba girman da masu taro suka nema kafin ku je wurin masu buga takardu. Takardar A0 tana da santimita 84.1 a faɗi da 118.9 a tsawo, A1 kuma rabinta ce. Ku tambaya ko a tsaye ake so ko a kwance. Babban adadin ya zauna a sama ko a tsakiya da manyan baƙaƙe, yadda mutum zai karanta shi daga taku huɗu ko biyar, sauran rubutun kuma kada ya gaza lamba 24 a kwamfuta. Zane ɗaya ya isa: sanduna biyu, ta bara da ta bana, kowace da adadinta a kanta. Sandunan su tashi daga sifili, in ba haka ba tsayinsu zai nuna bambancin da ya fi na gaskiya.

Sunan yaro, lambar wayar uwa ko hoton shafin rajista ba sa hawa fosta. Ku nemi izinin shugaban asibiti kafin ku fitar da alƙaluman, kuma in taron ya nemi takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, ku fara nemanta da wuri don takan ɗauki lokaci.

Aikin gida

A wani ajin yaƙi da jahilci, mata 40 suka yi rajista a zangon da ake karatu da hantsi, 22 suka kai ƙarshe. Da aka mayar da ajin bayan La'asar, 50 suka yi rajista, 39 suka kai ƙarshe. Ku fitar da kashin waɗanda suka bari a kowane zango, ku rubuta take mai ɗauke da adadin, sannan matsaya da ba ta wuce jimla biyu ba. Ku kawo abu ɗaya, ban da canjin lokaci, wanda zai iya jawo wannan bambanci. A darasi na gaba kowa zai karanta wa na kusa da shi sau ɗaya, a rufe takarda, a tambaye shi adadin da ya ji.